Kashi nawa ka samu? Abin da lambar Turnitin take aunawa

A sassa da dama na jami'o'inmu, ɗalibi ba ya zuwa kare kundinsa sai ya liƙa takardar manhajar Turnitin da ke nuna cewa kamancin aikinsa da na wasu bai wuce wani kaso ba. Wani sashen ya yanke 20 cikin ɗari, wani 25, wani 15. Wanda ya faɗo ƙasa da layin ya tsira, wanda ya haura an ce ya yi satar rubutu. Ina ganin wannan doka kuskure ce, domin lambar ba sata take aunawa ba, kuma kamfanin Turnitin da kansa yana faɗin haka a bayanansa.

Aikin manhajar ba shi da sarƙaƙiya. Tana bin jerin kalmomin da ke cikin rubutun da aka ɗora, tana gwada su da abin da ke rumbunta: shafukan intanet, mujallu da littattafan da mawallafa suka ba ta, da ayyukan ɗaliban da aka taɓa ɗorawa. Duk inda ta ga jeri ya zo ɗaya sai ta shafa masa launi. Daga nan ta ƙirga kalmomin da ta shafa, ta raba da jimillar kalmomin aikin. Kundi mai kalma 10,000 da aka shafa wa 2,600 zai fito da kashi 26. Iyakar lissafin ke nan. Lambar ba ta nuna ko ɗalibi ya ambaci mai maganar, ba ta nuna niyyarsa, ba ta kuma bambanta jimlar da aka ɗora hujjar bincike a kanta da jimlar godiya ga iyaye.

Mu ɗauki misalin wannan kundi mai kashi 26, a ce na wata ɗaliba ne, mu buɗe rahoton. Kalma 1,000 daga manazarta suka fito, kuma dole su yi kama da na wasu, tunda sunan littafi da mawallafi da shekara ba sa canzawa. Kalma 700 maganganu ne da ɗalibar ta ɗauko kai tsaye, ta sa su cikin alamar zancen wani, ta faɗi shafin da ta samo su. Wajen 400 shafukan farko ne da sashe ya ba kowa ya kwafa, irin su tabbatarwa da amincewa, tare da jimlolin da duk mai raba takardar tambayoyi yake rubutawa a babi na uku. Ragowar 500 gutsattsari ne na kalma takwas ko goma, sunayen hukumomi da dokoki, warwatse a majiya talatin ko arba'in, kowace ƙasa da kashi ɗaya. Idan malami ya danna `Exclude Bibliography` da `Exclude Quotes`, wato ya cire manazarta da zancen da aka ɗauko daga lissafi, lambar za ta sauko wajen 9 ko 10, ba tare da ɗalibar ta taɓa harafi ɗaya ba. Wannan aiki ne mai tsabta, amma a sashen da ya yanke 20 za a mayar da ita.

Ga kuma abokin karatunta da ya samu kashi 7. A jerin majiyoyin da ke gefen rahotonsa, majiya guda ce ta ɗauke kashi 6: kalma 600 a jere, kusan shafi biyu, a babi na huɗu inda ya kamata ya tattauna abin da shi ya gano, kuma babu sunan mai aikin ko'ina. Wannan ita ce satar. Ya wuce salin-alin saboda ba wanda ya buɗe shafi na biyu na rahoton. Abin da ya fi damuna shi ne, da waɗannan kalmomi 600 a cikin kundin digiri na uku mai kalma 60,000 suke, da kashi 1 kacal za su nuna. Tsawon aiki yana dusashe lambar, laifin kuwa yana nan yadda yake.

Akwai kuma abin da manhajar ba ta gani sam. Abin da babu shi a rumbu ba za a kama shi ba, kuma tsofaffin kundayen da ke jibge a ɗakunan karatu na sassanmu, waɗanda aka buga da tafireta ba a taɓa mayar da su kwamfuta ba, suna cikin wannan rukuni. Mai kwafe kundin 1988 daga kantar ɗakin karatu zai iya fitowa da koren launi, alamar ƙaramar lamba. Haka wanda ya fassara babi daga littafin Turanci ko na Larabci zuwa Hausa: kalmomi sun canza, to da wuya jeri ya zo ɗaya. Masu nazarin harshe da adabin Hausa su ne ya kamata su fi kowa taka-tsantsan da ƙaramar lamba, domin rubutun Hausa da ke cikin irin waɗannan rumbuna kaɗan ne. Wanda ya biya aka rubuta masa aiki daga farko shi ma yakan fito da lamba mai kyau. Ƙirƙirarrun alƙaluma kuwa, tunda ba a kwafo su daga ko'ina ba, ba su da abin da za su yi kama da shi.

Wani zai ce malami ɗaya da ke duba ɗalibai talatin ba shi da lokacin karanta rahoto talatin, gara a sa layi kowa ya san matsayinsa. Nauyin gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma dubi abin da layin yake koyarwa. Ɗalibin da aka ce ya sauko daga 28 zuwa 19 ba ya komawa ya fahimci majiyarsa. Yakan musanya kalmomi da masu kama da su har jimla ta daina ma'ana, ko ya cire maganganun da ya ɗauko bisa ƙa'ida, ko ya ƙara surutu don jimillar ta kumbura. Sai a wayi gari an hukunta mai ambaton majiya, an horar da mai ɓoye sawu. Duba rahoto kuma ba ya cin lokacin da ake zato. Malami ya cire manazarta da zancen da aka ɗauko, ya dubi majiya uku ko biyar da ke saman jerin, ya buɗe duk wadda ta kai kashi 2 ko 3, ya ga ko a dunƙule take ko a warwatse, a wane babi ta faɗo, an faɗi mai ita ko ba a faɗa ba. Sai dai ya leƙa abin da aka cire ɗin, domin akwai masu zagaye sakin layi sukutum da alamar zancen wani don ya ɓace daga lissafi.

Wata matsala da ke jefa marasa laifi cikin tashin hankali ita ce gwajin da ake yi a shagon kwamfuta kafin a miƙa aiki. Idan mai shagon bai zaɓi `No repository` ba, aikin zai zauna a rumbu. Ranar da sashe ya ɗora kundin, sai ya yi karo da kansa, lamba ta haura 90, launi ya koma ja. Ana gane wannan da sauƙi: majiya ɗaya ce ta ɗauke kusan komai, an rubuta cewa aikin ɗalibi ne da aka miƙa a wata makaranta, sau da yawa wadda ɗalibin bai taɓa takawa ba, domin da asusunta mai shagon yake aiki. Malami yana iya cire wannan majiya daga lissafi ya sake duba sauran. Goge aikin daga rumbu kuwa sai ta hannun mai kula da asusun makarantar da aka ɗora shi, wanda mai shago ba lallai ya san shi ba. Shi ya sa ya kamata sashe ya buɗe wa ɗalibansa wurin gwaji na kansa, wanda ba ya ajiye aiki, kafin ranar miƙa kundi.