Beli ba sallama ba ne, malam

Makon jiya aka yi ta tada jijiyar wuya a majalisarmu a Tudun Wada, wai kotu ta ba da belin wani matashi da ake zargi da sayen wayar sata. Wani ya ce alƙali ya ci kuɗi, wani ya ce shi ya sa gara jama'a su gama da ɓarawo tun a titi. Wannan magana ta biyu ce ta hana ni barci, don irin ta ce ke sa a ƙone mutum a kan ihun mutum ɗaya.

Mu ɗauki yaron nan. 'Yan sanda sun ce an ga wayar a hannunsa, shi kuma ya ce saya ya yi a kasuwa, bai san ta sata ba ce. Ranar da aka gurfanar da shi gaban majistare, ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: duk wanda ya taɓa zama a zauren karatun fiƙihu ya san hujja tana kan mai da'awa. Dalilin a fili yake. Hukuma na da 'yan sanda, da lauyoyi, da ikon kamu. Wanda ake zargi bakinsa kawai gare shi. In aka ce shi zai wanke kansa, to duk wanda ya ƙi jininka ya isa ya tura ka gidan yari da baki.

Saboda haka alƙali a zaman beli ba tambayar "ya aikata ko bai aikata ba" yake yi ba. Abin da yake aunawa shi ne: in na sake shi, zai dawo ranar shari'a? Kotun Ƙoli ta jero ma'aunan a shari'ar Bamaiyi a 2001. Akwai girman laifin da tsananin hukuncinsa, don wanda igiyar rataya ke jira ya fi mai fuskantar ɗaurin shekara biyu dalilin gudu. Akwai ƙarfin hujjar masu gabatar da ƙara, da tarihin mutumin, da yiwuwar ya sake aikatawa ko ya tsorata shaidu. Yaronmu a unguwar aka haife shi, mahaifinsa na raye, ba a taɓa ɗaure shi ba, wayar kuma tana hannun 'yan sanda, balle a ce zai ɓoye ta. A kan me za a hana shi? Da kisan kai ake tuhumarsa, da majistare ma ba shi da hurumi, sai Babbar Kotu, ita ma sai da dalili na musamman kamar ciwo mai tsanani.

Kuɗin da ake ambatawa ma, mutane sun yi masa mummunar fahimta. In alƙali ya ce naira 200,000 da mai tsaya masa ɗaya, galibi ba a ƙirga ko sisi a ranar. Alƙawari ne mai tsayawar ya sa wa hannu: in yaron ya tsere, a ci shi wannan kuɗi, a kuma ba da sammacin kamo yaron.

Masu cewa wasu na fitowa su koma ruwa ba ƙarya suke yi ba, amma maganin wannan shi ne mai gabatar da ƙara ya kawo hujja a soke belin.

Abin da ya kamata ya ba mu haushi daban ne. Alƙali zai ba da beli da hannun dama, ya karɓe da hagu: a kawo babban ma'aikacin gwamnati, ko mai takardar mallakar gida a tsakiyar gari. Ina ɗan acaɓa daga Rigasa zai samo darakta? Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta hana tsawwala sharuɗɗa, Kaduna kuma ta yi irin tata a 2017, amma har yau kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Wani sai ya shafe lokacin da ya zarce hukuncin laifin kansa, sannan a ce ba hujja, ya tafi gida. Sheikh Zakzaky ya haura shekara biyar a tsare kafin Babbar Kotun Kaduna ta wanke shi a Yulin 2021. Ko kana sonsa ko ba ka so, wa zai maida masa shekarun? Shi ma yana da manyan lauyoyi ke nan.

Ya kamata Babban Jojin jiha ya ja wa majistarori kunne su riƙa karɓar uba, ko mai unguwa, ko shugaban ƙungiyar sana'a a matsayin mai tsayawa. Waɗannan su suka san ƙofar da yaro ke kwana, ba darakta ba.