Yadda gara ta ƙara wa itacena ƙiba

Tunda dai na ga wani mutum ya riga ya zagaya da labarin difens ɗina, wato kare aikin bincikena a kan gara a gaban malamai, har ya ƙara masa gishiri da magi, bari in faɗa da bakina, kuma don Allah kowa ya daina kirana "Dakta Gara" a gurup, abin ya ishe ni.

Malama ce ta ba mu zaɓin aikin bincike a kan ƙwari na gida, wanda ba sai an kashe kuɗi ba. Wata ta ɗau kiyashi, a ajiye musu sikari da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi a ƙirga nawa ke zuwa kowanne cikin minti biyar, wani ya ɗau tururuwa, ya riƙa zama bakin raminsu yana duba ƙarfe nawa suke fita ɗibar hatsi ƙarfe nawa zafi ke kora su. Ni na ce gara, saboda akwai ƙaton shuri a bayan gonar Kawu, kuma a tunanina gara ba ta gudu balle in bi ta. Tambayar mai sauƙi ce, wane abu gara ta fi ci. Na yanko itacen mangwaro, na darbejiya, guntun azarar giginya, karan dawa da kwali, kowanne guda huɗu, na shanya su a rana ina aunawa har sikeli ya daina sauka, don in ka auna itace da ɗanyensa to ruwa ka auna. Na rubuta nauyin kowanne, na ɗaura masa lamba a jikin murfin lemo da jan zare, na binne su rabi a ƙasa rabi a waje, taku goma daga shurin, a zagaye. Malama ta ce in rataye ɗaya ɗaya daga kowane iri a inda gara ba za ta kai ba, shi ne ma'aunin da zai nuna ko itacen da kansa yana rage nauyi ba tare da an ci shi ba. Mako shida, duk mako in je in duba.

Kwalin dai kar ma a yi maganarsa, akuyoyin Inna sun gama da shi tun kafin gara ta ji labari.

Amma aikin da kansa wallahi akwai daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Gara ba ta yarda da rana ko iska, jikinta laushi ne, nan da nan take bushewa, shi ya sa kafin ta fara cin abu sai ta lulluɓe shi da ƙasar da ta kwaɓa da yawunta, tana ci daga ƙarƙashin rufin. In ka je da sassafe ka ga rufin ya yi duhu da laima to sabo ne, a daren suka yi shi, suna ciki. In ya yi fari ya bushe yana marmashewa, sun tashi. Mako na farko karan dawa ya riga ya shige cikin ƙasar gaba ɗaya, mangwaro sai a na biyu, darbejiya suka ɗan shafa mata ƙasa a gindi suka bari, giginya kuwa ko kallonta ba su yi ba, na gane dalilin da ya sa kakanninmu suke rufin soro da azara. In ka ɗan ɓantare rufin da tsinke za ka ga ƙananan nan farare masu aikin sun ruga ciki, sai manyan masu jan kai da baki kamar almakashi su fito su tsaya a bakin wurin, kuma in ka kasa kunne za ka ji wani "shhh shhh", kawunansu suke bugawa a ƙasa suna sanar da na ciki. Malama ta hana ni yawan ɓantarewa, ta ce in aka dame su sai su bar wurin, sakamako ya lalace.

To duk wannan ina yi ne da asuba, kuma a nan Baba mai kaji ya shigo rayuwata. Kun san shi ai. Mutumin nan shekara da shekaru yana kifa tsohuwar tukunya cike da kashin shanu da kara a kusa da shurin nan, ya yayyafa ruwa, da safe ya ɗaga ta cike da gara ya kai wa 'yan tsakinsa da zabi. Wato shi a wurinsa shurin nan gadonsa ne, duk da gonar ba tasa ba ce. Sai ga yaro yana zuwa da duhun asuba da tocila, yana tsugunawa gaban shuri, ya binne itatuwa a zagaye kowanne da jan zare da lamba, yana kara kunne a ƙasa, yana rubutu a ɗan littafi. Bai tambaye ni ba fa, ko kalma ɗaya, kullum muna gaisawa "Baba ina kwana", "lafiya lau ɗan nan, ya karatu", ashe daga nan masallaci yake wucewa da rahoto. Sai da Kawu ya kira ni bayan isha'i ya zaunar da ni, ya yi shiru, ya yi gyaran murya, sannan ya ce "ɗana, in mata ce kake nema ka faɗa min in je in nema maka, ba sai ka bi ta shuri ba." Na yi rantsuwa har na gaji. Na kawo takardar makaranta mai hatimi. Baba ya karɓa ya juya ta sama da ƙasa ya ce ai su ma masu wannan harkar yanzu takarda suke bayarwa. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, daga baya na gano lamba 7 da lamba 11 da suka ɓace ba aljani ba ne ya ɗauke, shi ne ya tumɓuke su don sun fi tukunyarsa tara gara, ya karkaɗe wa zabinsa ya jefa itacen a murhu. Mutumin da ya ce ina tsafi shi ne ya dafa shayi da tsafin. Har yau bai ba ni haƙuri ba, in mun haɗu ma shi ne yake ɗaure fuska.

Ana gobe difens na tono sauran, na goge ƙasar jikinsu da tsohon buroshi tas, na kai shagon mai sayar da kayan kek ya ara min sikelinsa na minti goma yana tsaye a kaina. Mangwaro mai lamba 3, da na binne shi giram 120 ne. Sikeli ya ce 168. Na sauke na sake ɗorawa, 168. Sauran mangwaron ma duk sun hau. Na ratayen kuwa 118. Dare ya yi, mai shago yana kaɗa makulli, kuma an koya mana cewa ɗan kimiyya ba ya canza abin da ya gani, to ni ma ban canza ba. Na zauna na zana jadawali mai kyau da kala, na kuma samo masa bayani, na rubuta cewa da alama yawun gara yana shiga itace ya ƙara masa nauyi. A daren nan har ina jin kamar na gano wani abu da duniya ba ta sani ba.

Na saka farar shaddata ta sallah. Ku riƙe wannan.

An haska allo, ga sunana, ga Macrotermes da manyan baƙaƙe, sunan zuriyar garar da ke gina irin wannan shurin ke nan. Na yi bayani tiryan-tiryan har na zo jadawalin. Malamin nan da aka gayyato daga waje, dattijo mai gilashi a kan hanci, tun da aka fara bai ce uffan ba, gyaɗa yake ci. Sai ya ɗaga hannu ya ce "dakata, koma baya." Na koma. Ya kalli allon ya kalle ni ya ce "wato garar garinku ciyar da itace take yi?" Aji ya ɗan yi gunaguni. Na ce "Yallaɓai abin da sikeli ya nuna ke nan." Ya ce "madalla, to a rubuta wa masu katako su riƙa kai kayansu shuri kafin su sayar." Nan fa aka fashe, har da masinjan da ya shigo kawo ruwa, wanda bai ma san me ake yi ba. Malama ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Ya ce ina itacen. Na ciro lamba 3 daga leda ina murna, ga hujja. Ya ƙwanƙwasa shi da biro, ya ce in karya. Na ce Yallaɓai mangwaro ne fa. Ya ce karya dai. Na ɗora a gwiwa na tattara ƙarfina duka kamar zan karya taɓarya, abin ya fashe ɓus tun kafin in danna, jar ƙasa mai laima ta zubo min tun daga ƙirji har takalmi. Ashe an rarake cikinsa, gurbin duk ƙasa ce. Ina tsaye ina kallon shaddata, shi kuma a natse yana yi wa aji bayani, wai irin wannan garar in ta cinye cikin itace sai ta cike gurbin da ƙasa don kar ya rufta mata kuma laima ta zauna, kuma ƙasa ta fi itace nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka dole a tsaga itacen, a wanke ƙasar, a sake busarwa har nauyi ya tsaya kamar farko, sannan a auna. Yana cikin wannan bayanin ne ɗaya daga masu jan kan nan, wanda ya kwana a leda yana jira na, ya kama ni a tsakanin yatsu. Jama'a na so in daure. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, na yarfe hannu, bai saki ba, don in suka datse ba sa saki ko da an cire gangar jikin, na sake yarfewa na bugi kofin ruwan shugaban sashe. Dattijon ko gezau, ya ce "kar ka yar da shi, wannan soja ne, da siffar kansa ake gane irin garar, a sa shi a sifirit." Wato ni ina zubar da jini shi samfur yake gani. Wata daga baya ta ce "Allah sarki", kuma wallahi na fi jin zafin wannan Allah sarkin a kan cizon.

An ba ni mako biyu in gyara. Na tsaga, na wanke, na shanya. Lamba 3 ya dawo giram 90, wato 30 aka ci cikin 120, kashi 25 cikin ɗari, ka cire ɗan abin da na ratayen ya rage da kansa. Karan dawa kusan babu abin aunawa, darbejiya ɗan kaɗan, giginya yadda na binne ta haka na tono ta. Sakamako mai kyau fa, Malama ma ta ce da shi na kawo tun farko da an tafa min.

Shaddar dai an wanke ta sau ba adadi, jan bai fita ba, ƙanena ne ke zuwa gona da ita yanzu. Baba kuma jiya na hango shi ya binne guntayen mangwaro a zagaye da shurin, har da zare, nasa shuɗi ne. Ban ce masa komai ba, ina sauri ne zan sayo kati.