Kada Ka Mayar da Kwanan Wata Baya a Takardar Yarjejeniya

'Yan'uwana matasa masu aikin akawu, sakatare da dillancin gidaje, akwai roƙon da sai an yi muku shi ko ba daɗe ko ba jima: "Ɗan'uwa, taimaka ka sa mana kwanan watan Janairu, ai dama tun lokacin muka daidaita." Mai roƙon sau da yawa ba macuci ba ne, sakaci ne ya sa ba a rubuta da wuri ba. Duk da haka ku ƙi, domin kwanan watan da ke kusa da sa hannu shaida ce cewa a ranar aka sa hannun. Wanda ya rubuta wata rana daban ya yi shaidar zur da alƙalaminsa, ya kuma jefa shaidu biyu a ciki.

Dokar Final Kod ta Arewa, a sashe na 362, ta lissafa wannan cikin ƙirƙirar takardar ƙarya: mutum ya yi takarda cikin rashin gaskiya don a ɗauka an sa mata hannu a lokacin da ya san ba a sa ba. Hukuncin jabu a sashe na 364 yana iya kaiwa ɗaurin shekara goma sha huɗu. Wanda ya buga takardar ba zai tsira da cewa maigida ne ya sa shi ba.

Abin da mutane ke bukata a zahiri shi ne takardar ta rufe watannin da suka wuce, kuma akwai hanyar halal ta yin haka. A ɗauki misalin hayar shago. Ɗan haya ya karɓi makulli ranar 1 ga Janairu 2025 a kan naira 600,000 a shekara, da baki aka yi magana. Ya tura 400,000 ta banki ranar 28 ga Disamba 2024, ya cika 200,000 ranar 15 ga Maris. Sai ranar 10 ga Yuni aka zauna rubutu.

A saman takarda da wajen sa hannu, 10 ga Yuni 2025 za a rubuta. Sannan a buɗe da bayanin abin da ya gabata: "Ɓangarorin biyu sun ƙulla wannan haya da baki, ɗan haya ya shiga shagon ranar 1 ga Janairu 2025, kuma wannan takarda tana tabbatar da sharuɗɗan da aka yi tun lokacin." Sai sakin layi na wa'adi, cewa hayar ta fara daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba 2025. A rubuta biyan kuɗin nan biyu kowanne da ranarsa, a liƙa rasit ko shaidar banki a baya. Kowane shaida ya sa hannu ya rubuta ranar da hannunsa. Ka ga takarda ta ɗauki ranaku biyu, ranar rubutu da ranar fara aiki, kuma kowacce gaskiya ce.

Inda aka fi zamewa shi ne sabon sharaɗi. Idan sai a zaman Yuni ne mai shago ya ce gyaran rufi yana kan ɗan haya, kada a cusa shi cikin abin da aka ce an daidaita tun Janairu. A ware shi, a rubuta cewa ya fara aiki daga 10 ga Yuni. In ba haka ba, yoyon da ya lalata silin a watan Mayu zai hau kan mutumin da bai taɓa ɗaukar nauyinsa ba. Ku sani kuma wannan komawa baya tana ɗaure su biyun ne kawai. Ba ta goge haƙƙin hukumar haraji, ko kamfanin inshora, ko wani da ya riga ya sami haƙƙi a kan shagon a tsakani.

Takardar da aka mayar baya kuwa ita ke tona kanta. Za ta ce an biya 600,000 cif a Janairu, bayanin banki ya nuna cikon ya shigo a Maris. Ko a tarar shaida yana Umara a ranar, hatimin fasfonsa ya nuna. Kwamfutar da aka buga ta ma tana riƙe da ranar da aka ƙirƙiri fayil ɗin. Ga kuma harajin hatimi, wanda gwamnati ke karɓa a kan takardun yarjejeniya: wa'adin biyansa daga ranar sa hannu ake ƙirga shi, don haka mai mayar da rana baya ya nuna kansa a matsayin wanda ya makara, ya jawo wa kansa tara.

Wasiƙa ma haka take. Ma'aikacin da ya kama aiki a Fabrairu ba a ba shi takarda ba sai Yuli, a rubuta masa da ranar Yuli, a ce tana tabbatar da cewa ya kama aiki ranar kaza ga Fabrairu. Idan tsohuwa ce ta ɓata, a fitar da kwafinta daga fayil, a rubuta a jiki cewa kwafi ne da ranar da aka fitar.

In babba ne ya matsa, ba sai an yi musu ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya sa waccan ranar ba, amma ga yadda za mu rubuta ta rufe tun Janairu," ka miƙa masa daftarin a hannu. Idan ya duba ya ce shi lallai sai tsohuwar rana, ka tambaye shi wa za a nuna wa takardar, kuma kada ka sa hannu a kai.