Kare mai gadi: ku daina raɗa masa sunan tashin hankali

Jama'a wallahi abin nan yana damuna. Mutum zai kawo ɗan kwikwiyo don gadin gida, sai ya zauna yana neman sunan da ya fi kowanne ban tsoro, wannan Taiga, wancan Bala'i, wani har Kisa ko Ajali, wai don ɓarawo ya ji ya firgita. Ɓarawon da ya zo ƙarfe biyun dare ba tambayar suna yake yi ba, haushi yake ji ya canza hanya. Masu jin sunan nan kullum su ne yaranka, da matarka, da maƙwabta, da almajirin da ke zuwa karɓar abinci, da mai ruwa da ke shigo da kura. A kunnensu kake zuba Ajali safe da yamma.

Shi kare bai san ma'ana ba, sauti yake kamawa. Kuma babban aikin suna a wajen mai gadi birki ne. Haushi da kai hari ba sai ka koya masa da yawa ba, abin da ke da wuya shi ne ranar da ya yi kan baƙo da gudu ka kira sau ɗaya ya tsaya ya waigo. Don haka sauti na kare ne, ma'ana ta mutane ce, kuma ana iya samun duka biyun a suna ɗaya in an ɗan yi tunani.

A ɓangaren sauti, gaɓa biyu ta isa. Gaɓa ɗaya tana ɓacewa cikin hayaniya, ga shi tana kama da su "zo" da "kai" da "kul" da muke faɗa duk yini, gaɓa huɗu kuma kafin ka gama furtawa ya riga ya kai ƙofa. Sunan ya fara da harafi mai bugawa irin k, g, t, d ko j, ya ƙare da wasali don ka iya jan sa in kare ya yi nisa. Garkuwa da Dogari suna da kyau a ma'ana amma gaɓa uku ne, in za ka yi amfani da su to ka sani bakin mutanen gida da kansa zai gutsure su.

Bari in nuna yadda ake tacewa, a ce gida ne mai yara, an kawo kwikwiyo namiji ɗan wata biyu. Wani ya ce Aboki. Ma'ana lafiya lau, amma kalma ce da ake jefawa a ƙofar gida kullum, abokina kaza abokina kaza, kare zai ji ta har ta zama iska a kunnensa. Wani ya ce Gata, wannan kam ya yi daɗi, g da t, ga ma'anar kulawa, sai dai ka saurari tsakar gidanka na awa ɗaya ka ji sau nawa ake cewa "ga ta nan", "ga ta can". Zuma ma an kawo, amma ya yi laushi kuma yana farawa kamar "zo" da "zauna", waɗanda su ne umarnin farko da za ka koya masa. Maigadi kuwa in akwai mai gadi ɗan Adam a layin, ka jawo rigima da hannunka. Ni wanda zan tsaya a kai shi ne Jigo. Gaɓa biyu, j da g suna fita da ƙarfi ko ana iska, ana iya jan ƙarshensa Jigooo, ba a cika faɗarsa a hirar gida ba, sannan ma'anarsa abin da ake jingina da shi. Baƙo ya ji an ce "Jigo, bari" hankalinsa zai ɗan kwanta, amma ya ji ana ihun "Kisa! Kisa!" ai gudu zai zuba, kuma gudu shi ne abin da ke ƙara tunzura kare ya bi mutum. Wannan kaɗai ya isa dalili a wajena.

In mace ce Kyauta ya yi, amma sai ka fara bincikawa ko akwai mai wannan suna a unguwa ko a dangi, don sunan mutane ne. Nan kuma nake roƙo don Allah. Kada a raɗa wa kare sunan mutum, balle sunan annabawa ko sahabbai ko duk wanda ya fara da Abdul, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne. Haka masu sa wa kare sunan habaici don maƙwabci ya ji, kullum kana kiran karenka kana zagin mutum a fakaice, daga nan ake fara gaba, wani lokaci karen ne ma ke biyan bashin da guba. Addini ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata, to a riƙe shi da mutunci. Wasu suna son Ƙiɗmir, sunan da aka ruwaito na karen Ashabul Kahfi wanda aya ta 18 a Suratul Kahfi ta ce ya shimfiɗa zira'insa a bakin kogo. Sunan kansa ba ya cikin Alƙur'ani, a littattafan tafsiri yake, kuma yana da nauyi a bakin ƙananan yara, ni dai zan bar shi.

To an zaɓi suna, saura ya shiga kansa, kuma nan ne yawancinmu ke ɓata abin. Ka samu gutsattsarin busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli ƙanana, ka tsuguna kusa da shi inda babu hayaniya, ka ce Jigo sau ɗaya tak, da ya ɗago ya kalle ka sai ka ba shi nan take, ba bayan ka gama lalube a aljihu ba. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, gara kafin ya ci abinci. In bai waigo ba kar ka shiga Jigo Jigo Jigo, ka ɗan tafa hannu ko ka matso, don maimaitawa tana koya masa cewa kiran farko ba dole ba ne. Bayan 'yan kwanaki ka ƙara nisa, daga bakin ɗaki zuwa zaure, sannan ka gwada lokacin da yara ke wasa ko kaji na wucewa, a ƙarshe ka sa wani ya ƙwanƙwasa get karen yana ɗaure da igiya ka kira shi a tsakiyar haushi. Kowa a gidan suna ɗaya zai riƙa kira, ba Baba na cewa Jigo yara na cewa Bingo ba.

Kuma kada ka taɓa kiran sunansa don ka doke shi. Ya ɓarar da tuwo, ka kira ya zo ka zabga masa sanda, abin da ya koya shi ne zuwa wajenka haɗari ne. Za ka gane suna ya lalace in ka kira ya kwantar da kunne, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ko ya zagaye bayan ɗaki. In kuwa ko kunne bai motsa ba, to an yawaita kiran banza ne har ya daina nufin komai. Duka biyun maganinsu ɗaya, ka ajiye tsohon sunan gaba ɗaya ka ɗauki sabo ka fara daga kifin nan, babban kare ma yana karɓar sabon suna cikin mako ɗaya zuwa biyu in an dage. Wanda ya sayo ƙaton kare mai suna Bala'i ba dole ne ya zauna da shi haka ba.

Kafin ka yanke, fita tsakar gida ka kira sunan da ƙarfi kamar da dare ne, sannan ka sa ƙaramin yaron gidan ya faɗa. In harshensa ya kasa, canza, don wata rana shi kaɗai zai kasance a gida lokacin da baƙo zai turo ƙofa.