Kwastoman da ka saya da ₦3,000, nawa zai bar maka kafin ya tafi?

Yawancin matasanmu masu sana'a a Zariya sun iya talla, amma kaɗan ne suka san nawa suke sayen kwastoma ɗaya. Eh, saye nake nufi. Duk wanda ya shigo shagonka ta dalilin tallar da ka biya ko rangwamen da ka yi, da kuɗinka ka sayo shi, kuma in abin da zai bar maka kafin ya daina zuwa bai ninka wannan kuɗin ba, to cikar shagon ba ci gaba ba ne. Lissafi biyu ne kacal. Na farko kuɗin samo kwastoma, wanda a rubuce ake taƙaita shi da CAC. Na biyu ribar da kwastoma zai bari tsawon zamansa da kai, wato LTV. Ra'ayina shi ne mutane da yawa da suke cewa sun yi wannan lissafin, sun yi shi ne yadda zai faranta musu rai.

Mu ɗauki misalin shagon wanki da guga a Samaru, irin wanda yake tura yaro a mashin ya karɓo kaya ya mayar. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa. Mai shagon ya biya ₦40,000 tallar Facebook da Instagram a watan Oktoba, ya buga takardun talla na ₦25,000. Mutum 130 suka yi masa magana ta WhatsApp. Sai ya raba ₦65,000 gida 130, ya ce ai ₦500 yake samo kwastoma. Kowane kwastoma kuma yana kawo wankin ₦6,000 a wata, ya ninka sau goma sha biyu ya samu ₦72,000. Ya kashe ɗari biyar ya samu dubu saba'in da biyu! Da wannan lissafin zai je wurin kawunsa neman ƙarin jari.

To bari mu zauna mu sake shi. Wanda ya turo "nawa ne wankin babbar riga?" ya yi shiru ba kwastoma ba ne. Kwastoma shi ne wanda ya kawo kaya ya biya. A ce cikin 130 ɗin, hamsin ne suka biya. Akwai wasu da suka zo a watan saboda maƙwabci ko abokin ɗaki ya nuna musu shagon, waɗannan a ware su gefe, don ba talla ce ta kawo su ba, kuma in ka cusa su cikin lissafin za ta yi kamar tana aiki fiye da yadda take yi. Sai kuɗin da ya manta bai rubuta ba. Yaran da suka raba takardun a bakin get ɗin jami'a da cikin unguwa sun karɓi ₦15,000. Ya yi wa kowane sabon zuwa ragin ₦1,000 a wankin farko, ₦50,000 ke nan, kuma wannan ragin kuɗin talla ne ko da bai fita daga aljihu ba, tunda bai shiga ba. Man mashin na bin sababbin adireshi, da data, da katin kiran waɗanda suka yi alkawari suka ɓace, a sa ₦20,000. Jimla ₦150,000. A raba wa mutum hamsin, kowane ya tashi ₦3,000, ninki shida na abin da ya zata.

Ɓangare na biyu nan ne aka fi yaudarar kai. ₦6,000 da kwastoma yake biya a wata ciniki ne, ba riba ba. A cire omo da sabulu, ruwan da ake saye, gawayin dutsen guga ko man janareta in an ɗauke wuta, ladan mai wanki da mai guga da ake biya kan kowane kaya, leda, da man kai kaya gida. In duk wankin ₦3,000 yana cin ₦2,000, abin da ya rage a wata ₦2,000 ne daga zuwa biyu. Sannan wa ya ce zai yi shekara? Hanyar gano tsawon zama mai sauƙi ce: duba cikin kwastomomi ɗari na farkon wata, nawa ne ba su sake dawowa ba. In ashirin ne suke zubewa duk wata, wato ɗaya cikin biyar, to matsakaicin zaman mutum wata biyar ne. Da goma ne suke zubewa, da wata goma zai zama.

```
CAC = 150,000 ÷ 50 = 3,000
LTV = 2,000 × 5 = 10,000
LTV ÷ CAC = 3.3
```

Uku da ɗigo uku. Wanda ya taɓa zama a taron horar da 'yan kasuwa zai ce Alhamdulillahi an haye, domin ƙa'idar da ake yawan faɗa ita ce uku bisa ɗaya. Hikimarta ita ce kashi ɗaya ya mayar da kuɗin samo kwastoman, sauran biyun su ɗauki hayar shago, albashin mai zama a kanta, gyaran inji, haraji, biyan shaddar da aka ƙona, sannan abin da ya yi saura ya zama na mai shago. Amma a san inda ƙa'idar ta fito. Masu zuba jari a kamfanonin manhaja na Amurka ne suka yaɗa ta, irin su David Skok, kuma kamfanonin da ake magana a kansu kwastomominsu suna biyan kuɗin wata-wata ne da kati, ba sai an bi su ba. Ɗalibin da yake kawo wanki in kuɗin gida ya iso, ya koma wanke kayansa a bokiti in aljihu ya bushe, ba irin wancan kwastoman ba ne. Don haka ni ukun nan a wurina mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi ne, ba lambar yabo ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne 3.3 ɗin matsakaici ne, kuma matsakaici ya iya ɓoye ciwo. Raba mutum hamsin ɗin nan gida biyu. Arba'in ɗalibai ne, goma magidanta ne, malaman jami'a da ma'aikata daga kwatas da Hanwa da wajajen Palladan. A ce ₦100,000 ta tafi kan ɗaliban, kowane ₦2,500. Magidanta sun fi wuyar samu, sai an je an dawo, sai uwargida ta gwada ku da zanin gado ɗaya ta ga aikinku, don haka goman sun ci ₦50,000, kowane ₦5,000. Mai shago zai ce ɗalibai sun fi araha. Amma ɗalibi yana barin ₦1,500 a wata, ya yi wata huɗu, ₦6,000. Magidanci yana barin ₦4,000 a wata saboda kayan makarantar yara da labule da manyan riguna, ya yi wata tara, ₦36,000. Ɗalibi ya tashi 2.4, magidanci 7.2. Araha ba ta ado. Wanda aka saya da tsada shi ne yake ɗauke da shagon, kuma kashi biyu cikin uku na kuɗin tallar yana tafiya wurin waɗanda ba su kai ukun ba.

Kada kuma wani ya ga 7.2 ya miƙe ƙafa. Lamba mai girma haka tana nufin ana tsuke hannu a inda ya kamata a saki. In da ₦8,000 ma za ka samo magidanci, har yanzu kana sama da huɗu, kuma duk gidan da ka bari yau wani shagon zai ɗauke shi, ba kasafai ake canza mai wankin da aka saba da shi ba.

Yanzu ga inda jarin kawu yake nutsewa. Mai shago ya ga ɗalibai suna amsa talla, sai ya ninka kuɗinsu daga ₦100,000 zuwa ₦200,000 yana jiran mutum tamanin. Ba haka take faruwa ba. Samaru ba ta ƙara girma don ka ƙara kuɗi, waɗanda suka fi buƙatar wankin su ne suka fara zuwa, saura sai an lallashe su. A ce 55 suka zo. A matsakaici kowane ya tashi kusan ₦3,600, abin bai yi muni a ido ba. Amma ƙarin ₦100,000 ɗin mutum goma sha biyar kawai ya kawo, kowane sama da ₦6,600, alhali duk abin da ɗalibi zai bari ₦6,000 ne. Wato kan kowane ɗaya daga cikinsu asara ake yi, ga shago cike da kaya, ga mai guga yana neman mataimaki. Duk lokacin da za a ƙara kuɗin talla, ƙarin kuɗin za a raba da ƙarin mutanen, ba jimla da jimla ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan garin musamman. Lissafin wata biyar ko huɗu yana ɗauka cewa mutane suna zubewa ne kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi kasuwanci kusa da ABU a 2022 ya san ba kullum ba. Yajin aikin ASUU ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wanda ya kashe kuɗi ya samo ɗalibai a Janairun shekarar, a rana ɗaya suka watse. Ko babu yaji, akwai hutun zango, akwai 'yan ajin ƙarshe da ka samo wata biyu kafin su gama. Shi ya sa nake ganin tambayar "wata nawa kuɗina zai dawo?" ta kai tambayar "sau nawa kuɗina zai ninku?" muhimmanci. A misalinmu ₦2,500 na ɗalibi tana dawowa cikin ƙasa da wata biyu, wannan ya yi. Da wata shida za ta ɗauka, da zango ya ƙare ba ta dawo ba. Haka nan kada a lissafa ribar da ta wuce shekara ɗaya a gaba. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin kai kaya ya cinye ribar da aka lissafa da tsohon farashi. ₦4,000 da kake jira a wata na goma sha takwas ba ita ce ₦4,000 ta yau ba.

Wani zai ce, Malam, wannan ai sai mai kwamfuta. Littafi mai layi ya isa. Kowane sabon kwastoma a rubuta lambar wayarsa, ranar da ya fara zuwa, ɗalibi ne ko magidanci, da amsar tambaya ɗaya: a ina ka ji labarinmu? 'Yan Oktoba su zauna a shafinsu, 'yan Nuwamba a nasu, duk ƙarshen wata a sa alama gaban wanda ya dawo. A kuma tsayar da magana ɗaya kan wane ne ya tafi, misali wanda ya yi kwana sittin bai kawo kaya ba alhali makaranta na ci, don kada a binne ɗalibin da ya je hutu Funtuwa. Shafin 'yan Oktoba zai nuna maka wani abin da matsakaici ba ya nunawa: in cikin hamsin ɗin ashirin sun karɓi ragin ₦1,000 ba su sake leƙowa ba, to masu zama talatin ne, kuma kowannensu ₦5,000 ka saye shi, ba ₦3,000 ba. In haka ta fito, mayar da ragin zuwa wanki na uku maimakon na farko, ka sake ƙirga 'yan Nuwamba.