Hoton hular da Malam ya saurara

Makon jiya na zauna da wani malamina makaho, wanda ya koyar da mu a sakandare kafin ciwon ido ya tafi da ganinsa, yana neman hular da zai saka ranar ɗaurin auren 'yarsa. Wayarsa na karanta masa abin da ke kan allo da TalkBack, yana shafa yatsa, muryar na faɗa masa inda ya taɓa. Muka shiga shafin wani mai sayar da huluna. Da yatsansa ya hau kan hoton farko, sai muryar ta shiga karanto sunan fayil, haruffa da lambobi ɗaya bayan ɗaya. A hoto na biyu kuwa abin da ta karanto shi ne: hula, hula Kano, hula mai araha, sayi hula, hular ango, hular sallah, zanna bukar, dara, kube. Malam ya ajiye wayar ya ce da ni, "Ɗana, wannan shela ce ta ɗan kasuwa. Har yanzu ban san wace irin hula ba ce a gabana."

Sana'ata gina shafukan intanet ce ga ƙananan 'yan kasuwa, don haka na san inda wannan shelar ta samo asali. Wani ne ya gaya wa mai shagon cewa in ya cika gurbin alt da kalmomin da mutane ke nema, Google zai ɗaga hotunansa sama. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: wanda ya ba shi shawarar ya cuci makafi, kuma ya cuci mai shagon a wajen Google ɗin ma. Bayanin da ya gamsar da Malam shi ne bayanin da injin bincike yake so. Ba aiki biyu ba ne.

Ga wanda bai san abin ba: kowane hoto a shafin intanet yana da wani gurbi a bayansa mai suna alt, inda ake rubuta abin da hoton ke nunawa. Mai ido ba ya ganin rubutun sai in hoton ya ƙi buɗewa, abin da duk mai fama da rashin sabis ya saba gani. Manhajojin da ke karanta wa makafi allo, irin su TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, NVDA da JAWS a kwamfuta, wannan rubutun suke karantawa in sun iso kan hoto. Tsohon abu ne, yana cikin HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, tun 1995. Har ƙara an taɓa kaiwa a kansa: a shekarar 1999 wani makaho ɗan Ostireliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar kwamitin shirya gasar Olamfik ta Sydney saboda shafinsu ba ya karantuwa gare shi, rashin bayanin hotuna na cikin koke-kokensa, ya yi nasara a 2000, aka ce a biya shi dalar Ostireliya 20,000.

Mu koma kan hular. Ga yadda hoton yake tun farko:

```
<img src="IMG_4471.jpg">
```

Babu alt kwata-kwata, shi ya sa manhajar ta rasa abin faɗa ta koma karanto sunan fayil. Ni da zan gyara, sai in kalli hoton in tambayi kaina: da Malam ne ya kira ni a waya ya ce "wace iri ce?", me zan ce masa a numfashi ɗaya? Zan ce zanna bukar ce, ɗinkin hannu, ƙasarta ruwan madara, aikinta shuɗi da ruwan goro. To shi ke nan an samu alt:

```
<img src="zanna-bukar-ruwan-madara.jpg"
 alt="Hula zanna bukar ɗinkin hannu, ƙasa ruwan madara, aikin zare shuɗi da ruwan goro">
```

Ku lura da abin da ban saka ba. Ban fara da "hoton" ba, domin manhajar da kanta tana sanar da mai sauraro cewa hoto ne, in na ƙara sai ya ji kalmar sau biyu. Ban saka farashi ba, domin farashi yana rubuce a ƙarƙashin hoton, kuma gobe zai canza a mance ba a gyara alt ba. Ban ce "mai kyau" ko "ta kece raini" ba, domin wannan yabo ne, ba siffantawa ba. Ban ambaci teburin da aka ɗora hular a kai ba, tunda ba teburi ake sayarwa ba.

Akwai masu cewa me makaho zai yi da launi. Wannan magana tana ɓata min rai sosai. Da yawa daga masu larurar gani sun taɓa gani, sun san shuɗi sun san ja. Wanda ma aka haifa da larurar ya san wace hula ke shiga da wace shadda, domin yana zaune cikin mutane, kuma ba ya son ya fita da kayan da ba su dace ba. Malam farar shadda ya ɗinka mai aiki ruwan goro. Launin zaren shi ne ainihin abin da ya zo nema.

Yanzu ɓangaren bincike. Google ya faɗa a bayanansa ga masu shafuka cewa yana haɗa rubutun alt da abin da na'urarsa ta gane a hoton da kuma rubutun da ke kewaye da shi domin ya fahimci me hoton ya ƙunsa. Ya kuma yi gargaɗi a kan cusa kalmomin nema a gurbin, cewa hakan na iya sa a ɗauki shafin a matsayin shara. Duba jimlar da na rubuta wa Malam: akwai "hula", akwai "zanna bukar", akwai "ɗinkin hannu", akwai launi. Waɗannan su ne kalmomin da mai saye zai buga in yana nema. Sun shigo ne da kansu saboda su ne gaskiyar abin da ke hoton. Na'ura tana iya gane cewa wannan abin sawa a ka ne, amma bambance zanna bukar da kube aikin wanda ya san hula ne, kuma nan ne rubutunka ke da daraja. Shi kuwa mai shelar, ya rubuta "dara" da "kube" a kan hoton zanna bukar, ya kuma kwafa jerin nan a kan sauran hotunansa. In kowane hoto bayaninsa ɗaya, to babu hoton da aka bayyana.

Sunan fayil ma na canza shi, kun gani. Tasirinsa kaɗan ne, amma ba ya cin kuɗi.

Inda aka fi yin kuskure, a ganina, shi ne zaton cewa hoto ɗaya bayani ɗaya gare shi ko'ina. Ba haka ba ne, wurin da hoton yake shi ke yanke abin da za a rubuta. Wannan hular dai, in an ƙanƙanta ta an sa ta a shafin farko a matsayin ƙofar da ake dannawa a shiga sashen huluna, to mai sauraro ba siffarta yake buƙata ba, yana son ya san ina za ta kai shi. A nan alt sai ya zama "Sashen huluna". Google ma yana ɗaukar alt na hoton da ake dannawa tamkar rubutun mahaɗa. In kuwa hoton ado ne zalla, kamar zanen dagi da aka jera a gefen shafi don ƙawa, abin da ya dace shi ne a bar gurbin fanko da gangan:

```
<img src="dagi.png" alt="">
```

Wannan ya sha bamban da cire alt gaba ɗaya. Gurbi fanko yana gaya wa manhajar ta wuce, babu abin ji a nan. Rashin gurbin kuwa yana barin ta tana lalube. Ƙa'idar WCAG, wadda duniya ke auna shafuka da ita, a sashenta na 1.1.1 ta tanadi duka biyun: abin da ke ɗauke da ma'ana a ba shi rubutu, abin ado a yi shi yadda manhaja za ta tsallake.

Sai tsawo. Za ku ji ana cewa kada ya wuce haruffa 125. Ba doka ba ce a HTML ko a WCAG, amma akwai hikima a ciki, domin mai sauraro ba ya iya leƙa jimla da ido ya zaɓi abin da yake so kamar mai karatu. Jimla ɗaya ko biyu, muhimmin abu a gaba. In bayanin ya ƙi taƙaituwa, alama ce cewa wurinsa a jikin shafin ne inda kowa zai gani.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a nan kafofin sada zumunta: rubutu a cikin hoto. Katin gayyatar aure, sanarwar ɗaukar aiki, jadawalin tafsiri, jerin farashi, duk mun saba zana su a hoto mu ɗora ba tare da kalma ɗaya a ƙasa ba. Facebook tun 2016 yana ƙoƙarin yin bayani da kansa, irin wanda ke farawa da "May be an image of", wani lokaci har ya tsinto rubutun ciki, amma in an yi amfani da haruffan ado ko an ɗora rubutu a kan zane, abin da ke fitowa guntu-guntu ne. Ranar ɗaurin aure da masallacin da za a yi ba abin da za a bar wa tsinkaye ba ne. A X akwai maɓallin +ALT a kan hoto kafin ka tura, yana ɗaukar har haruffa 1,000. Instagram yana da Write alt text. Masu WordPress kuwa gurbin Alternative Text na nan duk lokacin da suka ɗora hoto. Amma ga sanarwa, abin da ya fi shi ne ka sake buga rana da lokaci da wuri a cikin rubutun da kake ɗorawa tare da hoton. Sai dai kada ɗan kasuwa ya sa ran cewa alt na Instagram zai kai shi saman Google. Ribar bincike ta fi tabbata a shafin da kake da iko da shi. A kafofin nan don mutane kake yi.

Yadda za ka gane ko aikinka ya yi: ka shiga Settings, Accessibility, ka kunna TalkBack, ka rufe idonka ka bi shafinka da kunne kaɗai. A kwamfuta NVDA kyauta ce, in ka danna G tana tsallaka ka daga hoto zuwa hoto. In ka ji lambobi, babu alt. In ka ji jimla ɗaya tana maimaituwa, kwafe aka yi. Don ɓangaren bincike kuma, a Search Console, wurin da Google ke nuna wa masu shafuka yadda ake samun su a bincike, ka shiga Performance ka mayar da Search type zuwa Image, za ka ga kalmomin da hotunanka ke fitowa a kansu, amma ka ba shi makonni, ba abin dare ɗaya ba ne.

Wata matsala ta Hausa da ban ɓoye wa kwastomomina: a wayar Malam muryar Turanci ce ke karanta Hausa, tana lanƙwasa kalmomi, haruffa masu ƙugiya kuma wani lokaci ta yi tuntuɓe a kansu. Na tambaye shi ko ya fi son a rubuta alt da Turanci saboda haka. Ya ce a'a, kunnensa ya saba da lafazin, kuma "ruwan goro" da aka karanta a karkace ya fi masa amfani a kan launin da aka fassara ba daidai ba. Don haka shafin Hausa alt ɗinsa Hausa nake yi, in sa lang="ha" a kan shafin don manhaja ta san Hausa ce, in kuma zaɓi gajerun kalmomi sanannu.

Ranar nan dai ni na zama alt ɗin. Na riƙe wayar ina faɗa masa hula bayan hula, har muka zo kan mai ƙasa ruwan madara, ya ce a tsaya nan, a tambayi mai shagon ko akwai lamba 23.