Agogon da na ce ko a teku

Da katan ɗin agogunan hannu ya iso shagona, na juya bayan guda ɗaya sai na ga an rubuta 30M. Na ce shi ke nan, mita 30 a ƙarƙashin ruwa! Nan take na ɗauki hoto na rubuta talla: "Ba ya jin ruwa. Yi wanka da shi, yi iyo da shi, ko teku ka faɗa kai za ka gaji, ba shi ba." Kafin ka ce kwabo kaya sun ƙare, ina ta yaba wa kaina iya kasuwanci.

Wani dattijo ne ya fara dawowa. Ya ajiye agogon a kan kanta ya ce, "Yaro, ka ce ba ya jin ruwa. To ga shi ya ji, har ya sha." Gilashin ya yi hazo ta ciki, hannun daƙiƙa ya tsaya cak. Bayansa wani saurayi ya zo, bai ko yi sallama ba, ya girgiza nasa a kunnena. Wallahi na ji motsin ruwa. Waya kuwa ba ta huta ba, kowa da hoton nasa hazon.

Na kwashi gawarwakin na kai wa mai gyaran agogo. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya yi mini karatu. Ashe 30M ɗin, wanda wasu ke rubutawa 3 ATM, ƙarfin matsin da aka gwada agogon da shi ne yana ajiye wuri ɗaya, ba nisan da za ka nutse da shi ba. Iyakarsa yayyafi da fantsalin wanke hannu. Mai son iyo sai ya nemi 100M, wato 10 ATM. Ya buɗe murfin baya ya nuna mini wani siririn zoben roba, da ɗan'uwansa a maɓallin saita lokaci. Irinsu ne ke tare ruwa, kuma ruwan zafi da sabulu suna lalata su. Ni kuwa da bakina na tura mutane wanka.

Na mayar wa kowa kuɗinsa, ina murmushi ciki na ciwo. Sabon tallan ya koma: "Yana jure yayyafi da wanke hannu. A cire shi kafin wanka. In an ga hazo a gilashi a kawo da wuri a busar, kafin tsatsa ta kama injin." Ciniki ya ɗan ja baya, amma abin da ya fita ba ya dawowa.

Da na kawo agoguna masu 100M, dattijon nan ya sake leƙowa. Na ce, "Baba, wannan kam har iyo." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗebo ruwa a bokiti ka jefa shi. Zan zauna nan in jira, kuma kuɗina na aljihuna."